Shafin da Darakta Zai Karanta

A ranar 9 ga Agusta, 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Firaministan Birtaniya Winston Churchill ya aika wa ma'aikatansa takarda yana kukan cewa rahotannin da ake kawo masa sun cika tsawo, sai mutum ya yi ta lalube kafin ya gano inda maganar take. Har gobe kukan shugabannin ma'aikatu ke nan. Shi ya sa ake ɗora taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya a gaban rahoto, kuma sau da yawa wannan shafin kaɗai darakta zai karanta, wataƙila a mota, tsakanin wannan taro da wancan.

Kuskuren da aka fi yi shi ne marubuci ya bi sawun aikinsa: an kafa kwamiti, an zagaya, an tattara bayanai, sai can ƙasa shawara ta leƙo. Wannan labarin wahalar da kwamiti ya sha ne, darakta kuwa abin da zai sa wa hannu yake nema. Don haka sai a kifa tsarin, abin da ya zo ƙarshe a rahoto shi zai buɗe shafin.

Mu ƙaddara wani kamfanin ruwan leda yana kashe naira miliyan 3 kowane wata wajen sayen man dizal, aka rubuta rahoto mai shafi 40 a kan mafita. Wani zai fara da cewa wannan rahoto ya duba matsalar wutar lantarki a kamfani. Darakta ya riga ya san da matsalar, shi yake sa hannu a kuɗin man. Ga yadda ya kamata a fara: "Muna neman amincewarka a kashe naira miliyan 48 a kafa sola kafin ƙarshen wata, domin za ta rage kuɗin mai da miliyan 2 duk wata, ta mayar da kuɗinta cikin wata 24." Jimla ɗaya ce, amma ta faɗi abin da ake so, da kuɗinsa, da wa'adinsa, da amfaninsa. Ko a nan aka kira shi a waya, ya san abin da ke gabansa.

Daga nan sai dalilai, biyu ko uku, mafi ƙarfi a gaba, kowanne da lambar shafin da hujjarsa take. Sai a ambaci hanyar da aka duba aka ajiye, misali sayen sabon janareta a miliyan 15, wanda ya fi araha yau amma bai taɓa kuɗin mai ba. Idan ba a faɗa ba, ita ce tambayar farko da zai yi, takarda ta dawo.

Inda aka fi jin nauyi shi ne wajen faɗin abin da zai iya ɓata lissafi. Ma'aikaci yana tsoron kada oga ya ga aibi ya ƙi, sai ya tura shi shafi na 33. A ganina wannan ha'inci ne, ko da ba a yi niyya ba, domin wanda ya sa hannu shi zai amsa tambaya a gaban masu kamfani. A misalinmu, duk lissafin ya rataya ne a kan farashin dizal. Idan ya sauka da kashi ɗaya cikin huɗu, abin da za a riƙa ragewa ya koma miliyan ɗaya da rabi, mayar da kuɗi kuma ya kai wata 32. A rubuta hakan ƙarara. A ƙara da cewa batura suna tsufa, za a sake su wata rana, kuma ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti idan ba a gogewa. Rubuta "akwai wasu ƙalubale" kawai bai gaya wa kowa komai ba.

Layin ƙarshe na mataki ne: wa zai yi me, yaushe, kuma me jinkiri zai jawo. A nan, ɗan kwangila ya tsayar da farashinsa zuwa ƙarshen wata ne kawai, kuma kowane watan jira miliyan 2 ne ke tafiya a hayaƙi.

Sai an gama rahoto ake rubuta wannan shafi, kuma kada adadin da babu shi a ciki ya bayyana a nan. Kafin a kai ofishin darakta, a miƙa wa abokin aiki da bai san zancen ba, a ba shi minti biyu, a karɓe takardar, a tambaye shi me ake nema, nawa ne, zuwa yaushe, kuma me zai iya lalacewa. Idan ya fara da "kamar dai suna cewa", a koma a gyara jimlar farko.