Hazon da ke sauka a ido ɗaya: ba maganin hawan jini ne ya jawo shi ba

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a majalisu da gidajen suna, wai ƙwayoyin hawan jini na asibiti suna cinye ido. Hujjar masu faɗinta ba ta wuce ɗaya ba: wane ya shekara biyar yana shan magani, ran nan ya wayi gari idonsa na dama ya yi hazo. Daga nan sai kowa ya kawo tasa. Wani ya ce a daina ƙwayar a koma zoɓo da tafarnuwa, wani ya ce yana ce, a bari ta nuna a je a cire, wata tsohuwa kuma ta ce a dai bincika, don ido ba ya mutuwa dare ɗaya haka kawai.

Abin da ke ba ni haushi a wannan zance shi ne an kama mai rabon faɗa an saki wanda ya yi dukan. In ka zauna da wanen ka tambaye shi yadda yake shan maganin, yawanci za ka ji sai ran da kansa ya yi ciwo yake haɗiya, ko kuma tun da na farko ya ƙare bai koma an sake auna shi ba. Wato shekara biyar ɗin nan jininsa a sama ya yi su. Kuma cikin ɓarnar da jinin da ya daɗe a sama yake yi akwai toshewar jijiyar da ke kwashe jini daga bayan ido.

Can ƙuryar ido akwai wani siririn tantani da ake kira retina, shi ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa. Jijiya ɗaya ce take shigo masa da jini, wata ɗaya kuma take fitar da shi, kowace ta yi rassa ta bazu. A wurare da dama reshen mai kawowa yana bi ta kan reshen mai kwashewa, kuma a daidai mahaɗar nan kube ɗaya ne ya naɗe su biyun, babu wadda za ta iya matsawa gefe. Mai kawowa tana da kauri da ƙarfi, mai kwashewa kuwa laushi gare ta. Idan jini ya yi shekaru yana bugun bangon mai kawowa da ƙarfin da ya wuce kima, bangon sai ya ƙara kauri ya sandare, ya danne ta ƙasa. Jini ya riƙa wucewa da ƙyar, wata rana ya daskare a wurin, hanya ta rufe.

Duk wanda kwatar gidansa ta taɓa toshewa a watan Agusta ya san sauran labarin. Sama ba ta fasa zubo ruwa don kwata ta cushe, ruwan sai ya dawo tsakar gida, ya kwanta, ya jiƙa gindin bango. Haka jini yake ci gaba da shiga retina alhali mafita a rufe take. Ƙananan jijiyoyi su cika su fara yoyo, wasu su fashe, jini da ruwa su malala cikin tantanin. A tsakiyar retina akwai wani ɗan wuri da faɗinsa bai wuce milimita 5 zuwa 6 ba, ana ce masa makula. Da shi kake karatu, da shi kake gane fuska, da shi ake zura zare a allura. Idan ruwan ya gangaro nan, wurin ya kumbura, gani ya dushe. Abin da ka kafa wa ido shi ne zai yi hazo, layin da yake miƙe ya zama a karkace, amma gefe-gefe kana ganin motsi. Babu zafi, babu ja, babu hawaye. Wanda ya kalle ka ba zai ga komai a idon ba, kuma wannan rashin alama shi ke sa mutane zargin jifa.

Ciwon iri biyu ne. In reshe ɗaya ne ya toshe, likita zai rubuta BRVO a kati, kuma wannan ya fi yawa nesa ba kusa ba, ya kuma fi sauƙi. In kuwa uwar jijiyar ce ta toshe a inda take fita daga ido, zai rubuta CRVO, retina gaba ɗaya take shan wahala. Ba baƙon ciwo ba ne: cikin cututtukan jijiyoyin retina, wanda ciwon sukari ke haddasawa ne kaɗai ya fi shi yawa, kuma an ƙiyasta mutum miliyan 28 ne ke ɗauke da shi a duniya a 2015. Ya fi kama waɗanda suka haura hamsin. Sukari da kitsen jini da taba da gilakoma duk suna taimaka masa, amma hawan jini ne kan gaba.

Mu ɗauka wani tela ne mai shekara 58. Ya tashi da asuba ya ga kamar an shafa wa idonsa na hagu man shanu. Ya wanke fuska, bai tafi ba. Da yake na dama lafiya lau yake, ya ci gaba da ɗinki, sai dai zare ya fara ba shi wuya. Ya sayi maganin ɗigawa a kemis, ya gwada tabarau a kasuwa, ba abin da ya canja. Ba kuwa zai canja ba, domin maganin ɗigawa ba ya isa inda ruwan ya kwanta, tabarau kuma ba ya gyara tantanin da ya kumbura. Abokai suka ce yana ce. To amma yana a hankali take zuwa, wata da watanni ko shekaru, ba ta sauka tsakanin isha'i da asuba.

Da ya je asibitin ido, aka sa shi karanta allon haruffa da ido ɗaya-ɗaya. Na hagu ya tsaya a 6/36, ma'ana abin da mai lafiyar ido zai karanta daga nisan mita 36, shi sai ya matso mita 6. Aka auna ƙarfin ruwan idon, aka ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido, likita ya leƙa ciki. Abin da ya gani: jini ya fantsama a ɓangare ɗaya na retina, ya faro daga wata mahaɗa ya bazu, jijiyar wurin ta kumbura ta nannaɗe. Aka yi masa hoton da ake kira OCT, wanda ke nuna kaurin makula. Na mai lafiya yana wajen maikuron 250, nasa ya haura 500. Sannan aka ɗaura masa abin awo a dantse, aka samu 170 bisa 100, alhali daga 140 bisa 90 ake cewa jini ya hau. Ya ce shi kansa bai taɓa ciwo ba. Ai dama hawan jini ba ya sallama. Mutane da yawa a ɗakin likitan ido suke fara jin suna da shi.

Maganin ba buɗe jijiyar yake yi ba, har yau babu ƙwaya ko allurar da ke yin haka. Abin da ake yi shi ne tsayar da yoyon. Retinar da ta rasa isasshen jini tana fitar da wani sinadari da ke sa jijiyoyi su ƙara zuba, su kuma tsiro da sababbi marasa ƙwari. Akwai allurai da ke daƙile wannan sinadari, irin su Avastin da Lucentis da Eylea, kuma a cikin ido ake yin su, ta gefen farin. Na san jin haka kawai ya isa ya sa mutum ya nemi takalmansa. Amma ana kashe zafin wurin tukuna, kuma aikin na 'yan mintoci ne. Ana farawa wata-wata, daga baya a riƙa duba hoto ana tazarta su. A wani babban gwaji mai suna BRAVO da aka buga sakamakonsa a 2010, kusan shida cikin goma na masu toshewar reshe da aka yi wa allurar sun ƙara layi uku a allon haruffa cikin wata shida, waɗanda ba a yi wa ba kuwa kusan uku cikin goma. Ka ga ke nan wasu kan samu sauƙi da kansu, kuma ba kowa allurar ke mayar wa da gani ba. Sai dai makular da ta daɗe a jiƙe lalacewa take yi, wanda ya zo da wuri ya fi wanda ya shekara yana jiran yana ta nuna.

Wahalar tana wajen kuɗi da nisa. Allura ɗaya ba ta isa, na'urar hoton kuma ba a kowane asibiti take ba, sai manyan wurare irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin koyarwa da na ido a manyan birane. Mai ƙaramin ƙarfi yakan yi ta farko, ya ga haske ya ɗan dawo, ya ɓace, bayan wata biyu hazo ya komo. Ni dai ina ganin hukumomin lafiya sun fi son taron aikin yana kyauta, inda ake ɗaukar hoto ana kwance bandeji, fiye da tabbatar da cewa kowane ƙaramin asibiti yana da abin awon jini mai aiki da ƙwayoyin da talaka zai iya saye duk wata. Na biyun ba ya shiga labarai, amma ya fi arha ƙwarai.

Akwai wani haɗari da ya sa ɓacewar nan ba ta da kyau, musamman ga mai toshewar uwar jijiya. Idan retina ta rasa jini sosai, sababbin jijiyoyin nan kan tsiro har gaban ido su toshe hanyar da ruwan ido ke fita. Ƙarfin ruwan ya hau, idon da da ba ya ciwo ya koma ja, da azabar da ke hana barci. Yakan bayyana wajen wata uku bayan toshewar, har likitoci na kiransa gilakomar kwana ɗari. Shi ya sa ake cewa a riƙa dawowa duk wata a farkon lamarin ko da ba a jin komai, don in an ga alamarsa a ƙona sassan retinar da suka mutu da hasken leza kafin idon ya tafi gaba ɗaya.

Saukar da jini ba zai wanke hazon da ya riga ya sauka ba, kuma a nan ne masu jita-jita suke samun abin faɗa: ga shi yana shan magani, ido bai warke ba. Amfanin maganin yana ga ɗaya idon, da ƙwaƙwalwa, da zuciya, da ƙoda, domin jijiyar da ta sandare a ido ba ita kaɗai ta sandare ba, kuma masu wannan ciwo sun fi sauran mutane haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Telan nan zai sha ƙwayarsa kullum, da ciwon kai ko babu. Za a duba masa sukari da kitse. Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya da yaji. Kada kuma ya fara shan asfirin da kansa wai don ya tsinka jini, wannan hukuncin likita ne.

Mai karatu, in ka haura arba'in, je a auna jininka ko da garau kake ji. Lokaci-lokaci ka rufe ido ɗaya da tafin hannu ka dubi bakin ƙofa ko rubutun kalanda, sannan ka sauya, domin ido mai lafiya yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. In ka ga hazo ko layi ya karkace, ka nemi likitan ido cikin kwana ɗaya ko biyu. In kuwa duhu ne ya rufe idon ɗungurungum farat ɗaya, wataƙila jijiya mai kawo jinin ce ta toshe, wannan kuwa ba a kwana da shi, a tafi asibiti a lokacin.