Fassarar Barkwanci: Inda Musanya Ta Fi Fassara

Barkwanci iri biyu ne a wajen mai fassara. Wanda dariyarsa ke cikin labari yakan ketare harshe lafiya. Abubakar Imam ya dauko wasu labaran Magana Jari Ce daga littattafan Larabawa da Turawa, ya sa musu sunaye da halayen kasar Hausa, dariyar kuma ba ta zube ba.

Wanda ya dogara ga lafazi shi ne mai wuya. A dauki almarar Bature mai koyon Hausa da aka aika ya sayo gari, ya dawo yana cewa kudinsa ba su isa sayen Kano ba. Dariyar tana cikin kamannin garin tuwo da garin zama, wadanda tsawon wasali ya raba. A Turanci ko Larabci sunayen biyu ba su yi kama ba, don haka fassara kai tsaye takan kashe zancen. Alamar ita ce mai fassara ya fara dogon bayani. A nan sai ya nemo wani rudanin a harshen da yake fassarawa zuwa gare shi, amma Baturen ya ci gaba da zama wanda ake yi wa dariya, tsokanar kuma kada ta koma zagi.