Bashi Uku, Albashi Ɗaya: A Wane Wata Za Ka Fita?

Mai bashi a wuri uku yakan san nawa ake bin sa, amma da wuya ya san watan da zai gama biya. Ga shi kuwa lissafin bai wuce biro da takarda ba.

Mu ɗauki ma'aikacin da ake bin sa naira 450,000. Mai shagon unguwa yana bin sa 60,000 na shinkafa da mai, babu ruwa a kai, sun yi da shi zai riƙa ba da 10,000 duk wata. Wani ƙaramin banki yana bin sa 150,000, da ruwan kashi 5 cikin ɗari a wata a kan abin da ya rage, mafi ƙarancin biya 15,000. Sai ƙungiyar ma'aikata ta ofis, 240,000, ruwa kashi 1 a wata, ana cire 20,000. Dole-dolen wata ke nan 45,000. Ya duba albashinsa, ya ga idan ya matse zai iya ware 75,000. Wannan rarar ta 30,000 ita ce ake gardama a kanta: wa za a fara ba?

Amsa biyu ce ta shahara, duka daga masu ba da shawarar kuɗi a Amurka. Ta farko suna ce mata dunƙulen ƙanƙara, kuma Dave Ramsey, mai shirin rediyo a kan harkar kuɗi, shi ya yayata ta: fara da bashi mafi ƙanƙanta, ko nawa ne ruwansa. Ta biyu, zaftarewar ƙanƙara, cewa ta yi a fara da wanda ruwansa ya fi tsada. A duka biyun ƙa'ida ɗaya ce ba a taɓawa. Kowa yana samun ƙarancin biyansa, kuma idan bashi ɗaya ya mutu, kuɗin da ake ba shi ba ya komawa cefane, sai ya hau kan na gaba.

Lissafin kowane wata mataki biyu ne: ƙara ruwan watan a kan ragowar, sannan ka cire abin da aka biya. Bashin banki a watan farko zai zama 157,500, domin kashi 5 na 150,000 shi ne 7,500. Idan 15,000 kawai aka ba su, saura 142,500. Wato rabin kuɗin da mutum ya kai, ruwa ya shanye.

To, mu bi ƙarami-farko. Mai shago ya karɓi 40,000 a watan farko, 20,000 a na biyu, an rufe shafinsa. A wannan wata na biyu an sami ragowar 20,000, sai a ɗora wa banki nan take, kada a jira wata mai zuwa. Daga wata na uku banki yana karɓar 55,000, ya ƙare a wata na biyar. Daga nan duk kuɗin ya koma kan ƙungiya, wadda za a sallama a wata na bakwai da kusan 36,000. Jimillar ruwan da aka biya: kimanin 36,000.

Yanzu mai-tsada-farko. Banki yana karɓar 45,000 tun daga farko: saura 112,500, sai 73,125, sai kusan 31,800, a wata na huɗu ya mutu. Ƙungiya ta gaji kuɗinsa. Mai shago kuwa yana ta karɓar 10,000 ɗinsa har wata na shida. Biyan ƙarshe a wata na bakwai, kusan 29,700. Ruwan da aka biya gaba ɗaya shi ma kimanin 29,700.

Duka biyu wata bakwai. Wannan ne abin da masu jayayya kan hanyoyin nan ba su cika faɗa ba. Bambancin naira 6,300 ne, kuɗi ne, ba a raina shi, amma bai matsar da watan fita ba. Dalili kuwa a fili yake: raba 450,000 da 75,000, ka sami wata shida ko da babu ruwa ko kaɗan. Tsarin biya ba ya iya taɓa waɗannan wata shidan, ɗan abin da ruwa ya ƙara a kai kawai yake ragewa. Idan basussukan manya ne, na shekaru, kuma tazarar ruwansu mai faɗi ce, bambancin yakan kai watanni. A irin bashin da ake gamawa cikin shekara ɗaya, sau da yawa bai wuce 'yan dubbai ba.

Abin da ke matsar da watan fita shi ne adadin da ake warewa. Da mutumin nan zai kai 90,000 a wata, a wata na shida zai gama. Da kuma zai tsaya a kan ƙarancin biya, yana cinye duk abin da ya saku, bashin banki kaɗai sai ya kai shi wata 15, ya biya ruwa sama da 63,000 a kansa. Mai manhajar Excel ko Google Sheets zai iya gwada wannan da kansa:

```
=NPER(5%,-15000,150000)
```

Zai ba shi 14.2, wato biya na ƙarshe a wata na 15. Sai dai wannan dabara bashi ɗaya take lissafawa da biya marar canzawa. Basussuka da yawa sai an bi su wata-wata. Akwai kuma alamar haɗari da ya kamata a duba tun kafin a fara: idan abin da kake biya bai wuce ruwan wata ba, a nan 7,500, bashin ba shi da ranar ƙarewa.

Inda lissafin ya fi ɓaci shi ne wurin jera basussukan. Wani mai ba da rance yana faɗin ruwansa a wata, wani a shekara. Kashi 24 a shekara kashi 2 ne a wata, ya fi kashi 5 na wata sauƙi nesa ba kusa ba, ko da yake lambar ta fi girma a ido. A mai da su ma'auni ɗaya tukuna.

Sannan a tambayi mai bashin kai tsaye: idan na biya da wuri, abin da ake bi na zai ragu? Akwai rancen da ake lissafa ruwansa gaba ɗaya tun ranar farko, a raba shi daidai a kan watanni. Haka ma cinikin murabaha na bankunan Musulunci, wanda mutane da yawa ke zaɓa don guje wa riba: farashi ne da aka yanke, kuma rangwamen biya da wuri ba haƙƙi ne na dole ba. A irin waɗannan, gaggawar biya ba lallai ta rage ko kwabo ba, don haka a lissafi ana ajiye su a sahun marasa ruwa. Tarar jinkiri ce abin tsoro a wurinsu.

Ni dai a wannan misali da mai shago zan fara. Takarda ta ce bashinsa shi ne mafi arha, amma shi ne ake haɗuwa da shi a masallaci, kuma shi za a koma wa idan albashi ya makara. Naira 6,300 ita ce kuɗin sallamarsa a wata na biyu maimakon na shida. Da ruwan bankin kashi 15 ne a wata, sai in je in ba mai shago haƙuri, in nuna masa takardar, in fara da banki.