Kwana Nawa Aikin Zai Ci? Lissafin Doguwar Hanya

Duk wanda ya taɓa ba da aikin gini ya san tambayar farko bayan maganar kuɗi: yaushe za a gama? Mutane da yawa sukan tara kwanakin kowane aiki, na magini da na kafinta da na mai walda, su ce jimillar ita ce amsa. Lissafin bai yi daidai ba, domin wasu ayyukan tare ake yin su. Mai walda na can shagonsa yana haɗa ƙofofi a daidai lokacin da ake haƙa harsashi. Wasu kuma sukan ɗauki aikin da ya fi kowanne tsawo su ce shi ne ma'auni, su ma sun kauce, domin akwai ayyukan da dole su jira juna.

Dabarar warware wannan ta fito ne daga Amurka a wajen 1957, lokacin da Morgan Walker na kamfanin DuPont da James Kelley na kamfanin Remington Rand suka haɗa kai. Damuwar DuPont ita ce masana'antun sinadarai da ake rufewa don gyara, inda kowace ranar rufewa asara ce. Injiniyoyi na kiran dabarar CPM a taƙaice. Da kwamfuta aka fara ta, amma ƙaramin aiki takarda da biro sun ishe shi.

Mu ɗauki ginin shago mai ɗaki biyu, da kwanakin da muka ƙiyasta don misali. Ayyuka uku za su iya farawa tun ranar farko: haƙa harsashi da zuba shi, kwana 6, buga bulo da ba shi ruwa har ya yi ƙwari, kwana 10, sai waldar ƙofofi da tagogi, kwana 12. Ɗora bango har linta zai ci kwana 8, amma sai harsashi da bulo sun kammala duka biyun. Da bango ya tashi, wasu ukun za su tafi tare: rufin kwano kwana 5, saka bututun wayar lantarki kwana 3, kafa ƙofofi da tagogi kwana 2, in har mai walda ya kawo su. Filasta, kwana 7, tana jiran waɗannan ukun. Fenti ne ƙarshe, kwana 4. In aka tara duka, kwana 57 ke nan.

Yanzu sai a bi aikin daga farko, a riƙa tambaya: yaushe ne mafi sauri da wannan zai iya farawa? Ƙa'idar guda ce. Aikin da ke jiran ayyuka biyu ko fiye, wanda ya fi jinkiri a cikinsu shi yake bi. Harsashi ya ƙare a rana ta 6, bulo a ta 10, don haka magini ba zai ɗora bango ba sai bayan ta 10, ya gama a ta 18. Daga nan ƙofofi su kafu a ta 20, bututun waya a ta 21, rufi a ta 23. Mai filasta zai jira rufi, ya gama a ta 30, mai fenti kuma a ta 34.

Amsar ke nan: kwana 34, ba 57 ba. Kuma jerin da ya haifar da ita a bayyane yake: bulo, bango, rufi, filasta, fenti, wato 10 da 8 da 5 da 7 da 4. Wannan ita ce doguwar hanya. Abin lura shi ne, hanya mafi tsawo ita ce ke nuna mafi ƙarancin lokacin da za a iya gama aikin, tunda ba a buɗe shagon sai ita ma ta kai ƙarshe. Kwana ɗaya da aka rasa a kanta, kwana ɗaya ne aka ƙara wa ginin gaba ɗaya.

A ganina, amfanin dabarar ya fi fitowa idan aka juyo da lissafin daga ƙarshe. A nan tambayar ita ce: har yaushe wannan aiki zai iya jinkirta ba tare da ya taɓa rana ta 34 ba? Filasta dole ta fara bayan rana ta 23. Kafa ƙofofi kwana 2 ne, ke nan ko an fara shi bayan ta 21 ba a makara ba. To ashe mai walda, wanda aikinsa ya fi na kowa tsawo, yana da rarar kwana 9. Harsashi na da rarar 4, mai waya na da 2. Masu bulo da magini da kafinta ba su da ko ɗaya. Sai ka ga mai gini yana ta safa da marwa zuwa shagon walda yana faɗa, alhali mai buga bulo ya yi kwana biyu bai zo ba, kuma babu wanda ya neme shi. A kula dai, rarar nan ta tarayya ce: in mai walda ya cinye kwana 9 ɗinsa kaf, masu kafa ƙofofin ba su da sauran sarari, jinkirin kwana ɗaya zai taɓa filasta.

Ga wani wurin da kuɗi kan salwanta. A ce mai shagon yana sauri, ya fasa buga bulo, ya sayo busasshe wanda zai iso cikin kwana 2. Ya rage kwana 8 daga aikin bulo, amma ginin bai ragu da 8 ba. Yanzu bango harsashi yake jira, wanda ke ƙarewa a rana ta 6, don haka jimilla ta koma 30, ribar kwana 4 kacal. Doguwar hanya ta sauya, ta bi ta harsashi, rarar mai walda kuma ta sauko zuwa 5. Saboda haka duk lokacin da aka gajarta wani aiki, ko wani ya makara, sai an sake lissafin. Biyan mai walda ƙarin kuɗi don ya yi sauri kuwa ba zai rage ko yini guda ba.

Dabarar na da iyakarta, kuma babba. Tana ɗauka cewa duk ayyukan da za su iya tafiya tare akwai hannuwan da za su yi su tare. Idan leburorin da ke haƙa harsashi su ne kuma masu buga bulo, ayyukan biyu sun koma jere: 6 da 10, kwana 16 kafin bango, ginin ya koma kwana 40. Haka abin yake in kuɗin siminti bai isa a yi biyun lokaci guda ba. Alamar matsalar mai sauƙin gani ce: a rubuta sunan mai yin kowane aiki a gefensa, in suna ɗaya ya fito a ayyuka biyu na kwanaki ɗaya, jadawalin ba zai tabbata ba.

Sai kuma jira, wanda aka fi mantawa da shi domin babu wanda ake biya. Filasta na buƙatar bushewa kafin fenti, kuma da damina abin yakan ja. Idan za a ba ta mako guda, a rubuta shi a matsayin aiki mai kwana 7 tsakanin filasta da fenti. Tunda a kan doguwar hanya ya faɗo, kwana 34 ya zama 41, kuma wannan ce ranar da ya kamata a faɗa wa mai jiran hayar shagon.