Yadda Ake Gyara Fayil ɗin Ajiyar Wasa da Editan Heksa

Fayil ɗin ajiya shi ne wurin da wasan kwamfuta ke rubuta inda mai wasa ya tsaya: sunansa, kuɗinsa, kayan da ke jakarsa da awannin da ya shafe. A tsofaffin wasanni da dama, wannan fayil ba rubutu ba ne da ido zai karanta, jerin lambobi ne kawai, kuma kowace lamba tana da mazauninta da wasan ya sani. Editan heksa manhaja ce da ke baje waɗannan lambobi fili, ta ba da damar sauya su ɗaya bayan ɗaya. Aikin ya kasu uku: gano inda abin da ake nema yake zaune, sauya shi ta hanyar da wasan zai yarda, da kuma tanadin kwafi don kada a yi asarar komai. Wasan Pokémon Red na na'urar Game Boy, wanda ya fito a Japan a 1996 sannan a Amurka a 1998, misali ne mai kyau, domin fayil ɗinsa ƙarami ne kuma an san tsarinsa sarai.

Abin da edita ke nunawa

Kowane fayil tarin bayit ne, bayit ɗaya kuwa yana ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255. Edita na rubuta kowane bayit da alamomi biyu na lissafin tushe 16, inda bayan 9 ake ci gaba da A, B, C, D, E da F a madadin 10 zuwa 15. Alamar hagu ana ninka ta sau 16, a ƙara ta dama. Saboda haka `75` na nufin 117, `FF` kuma 255.

Idan aka buɗe fayil a manhaja irin HxD, wadda ake samu kyauta don Windows, za a ga sashe uku. A hagu akwai adireshi, wato nisan bayit daga farkon fayil, ana fara ƙidaya daga sifili. A tsakiya bayit ɗin ne kansu, 16 a kowane layi. A dama kuma ƙoƙarin manhajar ne na karanta su a matsayin haruffa. Wannan sashe na dama ba ya taimako a Pokémon Red, domin wasan yana da nasa tsarin haruffa: harafin A shi ne `80`, B kuma `81`, sannan `50` ke nuna ƙarshen suna. Wanda ya nemi sunansa da rubutu na yau da kullum ba zai same shi ba, alhali yana nan. Girman fayil ɗin bayit 32,768 ne, kuma dole ya kasance haka bayan an gama gyara.

Kwafi tun kafin a taɓa komai

Matakin farko shi ne rufe wasan, a kwafi fayil ɗin zuwa wata folda daban, a sa masa suna mai kwanan wata. Wannan kwafin ko-ta-kwana ba a buɗe shi a edita ko kaɗan. A wani kwafin ake aiki. HxD kan ajiye tsohon fayil da ƙarin `.bak` a sunansa idan aka adana gyara, amma dogaro da shi kaɗai ganganci ne, domin adanawa ta biyu na iya maye gurbinsa da fayil ɗin da ya riga ya lalace.

Rufe wasan yana da dalili. Emuleta, wato manhajar da ke kwaikwayon Game Boy a kwamfuta ko waya, tana riƙe ajiyar a ƙwaƙwalwarta yayin da take aiki. Idan aka gyara fayil tana buɗe, da zarar an rufe ta sai ta rubuta nata a kan gyaran, aikin ya tashi a banza. Haka kuma a bambance fayil ɗin `.sav`, wanda wasan da kansa ya rubuta, da hoton yanayi da emuleta ke ɗauka na dukkan na'urar. Adireshin da ke ƙasa na `.sav` ne kawai, kuma na bugun Turanci. Bugun Japananci ya jera nasa daban.

Gano inda kuɗi yake

A ɗauka mai wasa yana da kuɗi 3175. Hanya mafi sauƙi ita ce a juya lambar zuwa heksa a neme ta. 3175 a heksa `0C67` ne. Na'urori da yawa suna fara rubuta ƙaramin bayit kafin babba, don haka sai a nemi `0C 67`, a kuma nemi `67 0C`. A wannan wasa ko dai ba za a samu komai ba, ko a samu wurin da bai da alaƙa da kuɗi, domin an adana kuɗin da wani salo da ake kira BCD, inda ake rubuta lambobin kamar yadda suke a allo: `00 31 75`.

Idan ba a san salon da wasa ya bi ba, kwatanta fayil biyu ya fi zato amfani. A adana wasa, a kwafi fayil ɗin. A koma ciki a sauya abu ɗaya tak, misali a sayi Poké Ball guda a kan 200, kuɗi ya koma 2975, a sake adanawa, a kwafa. A Windows wannan umarni na jero bayit ɗin da suka bambanta:

```
fc /b kafin.sav bayan.sav
```

Layuka kaɗan za su fito, domin agogon wasa ya motsa, jaka ma ta sauya. Cikinsu akwai wanda ke faɗin gaskiya:

```
000025F4: 31 29
```

Daga 31 zuwa 29 daidai yake da sauyin 3175 zuwa 2975. Duba maƙwabtan wannan bayit zai nuna cewa kuɗin ya fara daga adireshi `25F3`, kuma bayit uku ya ɗauka. Ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya: sai a sake sayen wani abu mai farashi daban, a ga ko wurin ya bi sabon adadin. Idan ya bi, an same shi.

Iyakar kuɗi a wasan 999999 ne, wato `99 99 99`. Wanda ya rubuta heksar wannan adadi, `0F 42 3F`, zai ga tarkacen alamomi a allo, domin F ba lamba ba ce a tsarin BCD. Sannan a tabbata edita yana rubutu a kan tsohon bayit ne, ba cusa sabo yake yi ba. Bayit ɗaya da aka cusa yana tura duk abin da ke bayansa gaba, wasan ya riƙa karanta komai a gurbin da ba nasa ba. Alamar wannan kuskure ita ce girman fayil ya sauya.

Lambar tantancewa

Idan aka adana wannan gyara aka kunna wasan, saƙon da zai bayyana shi ne `The file data is destroyed!`, ma'ana bayanan sun lalace. Ba su lalace ba. Lambar tantancewa ce ta ƙi amincewa. Kamar ɗan kasuwa ne da ke rubuta jimilla a ƙasan shafin littafinsa: wanda ya sauya adadi ɗaya a tsakiya bai gyara jimillar ba, lissafi ne zai tona shi. Ajiyar tana zaune ne a ƙwaƙwalwar kaset wadda ƙaramin batir ke riƙe da ita, kuma idan batirin ya yi sanyi lambobi kan rikice. Wannan lamba ce ke hana wasan loda ajiyar da ta gurɓata, sai dai ba ta iya bambance lalacewa da gyaran gangan.

A Pokémon Red lissafin ba shi da wuya. Wasan na tara dukkan bayit daga `2598` zuwa `3522`, guda 3,979, ya raba jimillar da 256, ya ɗauki abin da ya rage, ya cire shi daga 255. Sakamakon yana zaune a `3523`.

Tunda tarawa ce kawai, ana iya gyara ta da hannu. Tsofaffin bayit `00 29 75` sun zama 0, 41 da 117, jimilla 158. Sababbin, `99` sau uku, 153 ne sau uku, wato 459. An samu ƙarin 301. A cire 256, saura 45. Idan jimilla ta ƙaru da 45, lambar tantancewa za ta ragu da 45. A ce tsohuwar `8C` ce, wato 140. Sabuwar za ta zama 95, a heksa `5F`. Idan ragin ya sauka ƙasa da sifili, sai a ƙara 256. Wanda ya yi gyare-gyare da yawa gara ya bar wa kwamfuta lissafin da layi uku na Python:

```python
d = bytearray(open("aiki.sav", "rb").read())
d[0x3523] = 255 - sum(d[0x2598:0x3523]) % 256
open("aiki.sav", "wb").write(d)
```

Kafin a amince da kowace dabara irin wannan, a gwada ta a kan fayil ɗin da ba a taɓa ba. Idan ta ba da lambar da ke ciki tun asali, dabarar da iyakokinta daidai suke. Idan ta ba da wata, akwai kuskure, galibi a adireshin farko ko na ƙarshe.

A wasan da ba a san tsarinsa ba, kwatanta fayiloli na fallasa lambar tantancewa: ita ce bayit ɗaya, biyu ko huɗu da ke sauyawa duk lokacin da aka adana, ko mene ne aka taɓa, kuma sau da yawa tana farkon wani sashe ko ƙarshensa. Idan ƙaramin sauyi ya motsa ta kaɗan, tarawa ce. Idan bayit huɗu suka hargitse gaba ɗaya saboda sauyin lamba guda, to mai yiwuwa CRC32 ce ko makamanciyarta, wadda sai da manhaja ake lissafawa.

Inda hanyar ke tsayawa

Wasannin da suka biyo baya sun ƙara shinge. Pokémon Emerald na Game Boy Advance yana riƙe ajiya biyu a fayil ɗaya, kowace da sassa 14 masu bayit 4,096, kowane sashe da tasa lambar tantancewa. Wasan na loda wadda ta fi sabunta. Idan ta gaza tantancewa, sai ya koma kan tsohuwar. Don haka gyara na iya ɓacewa saboda an yi shi a ajiyar da ba a amfani da ita, ko saboda an ƙi sabuwar. Bugu da ƙari, an gauraya kuɗin da wani mabuɗi da ke cikin fayil ɗin, ta yadda neman adadin kai tsaye ba ya haifar da komai sai an fara warware gaurayen.

Wasu fayilolin an matse su ne ko an rufe su da sirri. Ana gane su idan sauyin abu ɗaya ya sa kusan dukkan bayit suka bambanta, kuma babu dogayen layukan `00` ko `FF`. Na'urorin wasa na zamani kan ɗaure ajiya da mabuɗin da mai wasa ba ya gani, kuma edita shi kaɗai ba ya buɗe irin wannan. Inda ake daidaita ajiya da intanet, kamar a Steam, kwafin da ke can na iya sauka ya danne gyaran idan ba a dakatar da daidaitawar ba tukuna. Wasannin da ake bugawa da wasu ta intanet kuwa, yawancin adadinsu na hannun kamfani ne, kuma taɓa fayil na iya jawo rufe asusu.

Ko a fayil mai sauƙi, shigar wasa ba ya tabbatar da cewa komai lafiya. Bayan kowane gyara ɗaya, a loda, a duba adadin a allo, a yi ciniki, a adana daga cikin wasan, a rufe, a sake lodawa. Idan ya wuce wannan gwaji, sai a ɗauki sabon kwafi mai lamba kafin gyara na gaba, domin in matsala ta ɓullo daga baya a san matakin da za a koma.