Bakwai ce ko Ɗaya ce? Yadda Mummunan Rubutu ke Kayar da Ɗalibi

A makarantu da dama na Gaya da Ajingi, jarrabawar ƙarshen zango da hannu ake rubuta ta. Wani malamin kan allo yake zuba tambayoyin da alli, wani kuma ya rubuta a takarda ya kai shagon hotokwafi a buga. 'Yan ajin ƙarshe masu shirin WAEC da NECO su ma suna kwafe tsoffin tambayoyi a littafi, su ɗauki hotonsu da waya su tura wa juna. Duk inda tambaya ta sauya hannu, lamba ɗaya ko alama ɗaya na iya sauya kama. A jarrabawar canki-canka kuwa, mai maki ba ya ganin aikin da ɗalibi ya yi. Harafin da ya zaɓa kawai yake dubawa.

Ga misali. Malami ya yi nufin rubuta 2x − 7 = 11, ya jera zaɓi huɗu: A. 2, B. 5, C. 6, D. 9. Lissafin ba wuya. A tara 7 da 11 a samu 18, a raba biyu, x ta zama 9. Amsa D ce.

To amma malamin cikin sauri yake, kan bakwai ɗinsa ya gajarce har ta koma kamar ɗaya. Ɗalibar da ke bencin baya ta kwafi 2x − 1 = 11. Ta tara, ta samu 12, ta raba biyu, ta samu 6. Ta duba, ga 6 nan zaune a C, sai ta zaɓa hankalinta kwance. Maƙwabcinta ya ga bakwai ɗin daidai, sai dai ba a goge allon da kyau ba, wani tsohon zanen alli ya gitta alamar ɗebewa ta koma ta tarawa. Shi 2x + 7 = 11 ya warware, ya samu 2, ya zaɓi A. Wanda ya haɗa kurakuran biyu zai samu 5, wato B.

Ba abin mamaki ba ne a tarar da amsar kuskure tana jira a cikin jeri. Masu tsara irin waɗannan tambayoyi da gangan suke ɗauko zaɓin banza daga kurakuran da ɗalibai suka saba yi, musamman rikita tarawa da ɗebewa.

Abin takaicin shi ne, dabarar da ake koya wa yara ta mayar da amsa cikin tambaya a gwada ba ta kama wannan kuskure. Ɗalibar nan idan ta sa 6 a abin da ta kwafa, 12 a ɗebe 1 zai ba ta 11 cif. Lissafinta ba shi da aibu, tambayar ce ba ita aka yi mata ba.

Lambobin da suka fi rikiɗa sanannu ne: 1 da 7, 0 da 6, 4 da 9, sai 5 da harafin S. Alamar tarawa idan ta karkace takan zama ta sau, ɗigon 2.5 kuma injin hotokwafi mai ƙarancin tawada yakan cinye shi a karanta 25. Akwai kuma rikicin da ya shafi yaranmu masu haɗa boko da Islamiyya: a lambobin Larabci biyar zagaye take kamar sifilin boko, shida kuma ta yi kama da 7. A Maraɗi, inda aka gaji rubutun Faransa, ana gitta wa bakwai ɗan layi a tsakiya don kada ta ruɗe da ɗaya. Wannan ɗabi'a ta cancanci malaman lissafi na nan su are ta.

Ɗalibin da ya yi shakkar wata lamba, ya nemi irinta a wani wuri cikin rubutun malamin ya kwatanta. Hannu ɗaya ba ya cika sauya yadda yake yin bakwai. Idan karatu biyu duk sun ba da amsar da ke cikin zaɓi, kada ya canka, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, a taimaka a karanta mana ta uku." Malami kuma ya karanta kowace tambaya da baki kafin a fara, ya kuma warware kwafin da aka buga da kansa kafin a raba. Iyaye, idan yaro ya faɗi lissafin da aka san ya iya, a karɓi takardarsa a gwada abin da ya kwafa da abin da aka tambaya kafin a yi masa faɗa.