Lissafin albashi da log, da tarkon da ke kan hanyar dawowa

A ɗauki 'yan kasuwa uku a matsayin misali: na farko yana samun naira 10,000 a wata, na biyu 100,000, na uku 1,000,000. In aka tara aka raba uku, matsakaicin zai zama 370,000, kuɗin da biyu daga cikinsu ko kusa da shi ba su kai ba. Haka alƙaluman samun kuɗi suke ko'ina. Yawancin mutane sun taru a ƙasa, 'yan tsiraru sun yi nisa can sama, in aka zana jadawalin sai a ga doguwar jela ta miƙe zuwa dama.

Wannan jela tana wahalar da masu rigireshan, wato lissafin da ke ja layi don nuna yadda wani abu ke tafiya da wani, kamar albashi da shekarun karatu. Dabarar tana son ratar da ke tsakanin hasashen layin da ainihin albashin kowa ta bazu daidai wa daida, sama da ƙasa. Da albashi kuwa, ratar ƙarama ce wajen masu ƙaramin karatu, tana ta buɗewa wajen masu zurfin karatu. Manazarci yana gane hakan in ya zana ratar, ya ga ta baje kamar bakin mazurari. Ratar ake dubawa. Karkatar albashin shi kaɗai ba ta isa hujjar taɓa shi ba, kuma masu koyo da yawa a nan suke kuskure.

Maganin da aka saba shi ne logaridim, wanda John Napier ya wallafa a 1614. Aikinsa mayar da ninki ya zama ƙari. A logaridim na goma, kuɗin 'yan kasuwan nan uku sun koma 4, 5 da 6, tazara iri ɗaya, domin kowa ya ninka na bayansa sau goma. Jelar ta tsuke. Masanin tattalin arziki Jacob Mincer ya kafa wannan tsari wajen nazarin albashi a littafinsa na 1974, har yau shi ake bi, da logaridim mai tushen 2.718.

A ce bincike ya ba da log(albashi) = 10.5 + 0.10 × shekarun karatu. Wannan 0.10 ba naira ba ce. Sai an warware ta da exp, kishiyar log: exp(0.10) ya ba da 1.105, wato kowace ƙarin shekara ta karatu tana tafiya da ƙarin kusan kashi 10.5 cikin ɗari. Wasu kan karanta 0.10 kai tsaye a matsayin kashi 10, kuma ga ƙananan lambobi ba laifi. Ga manya akwai laifi sosai, domin 0.70 ba kashi 70 ba ne. exp(0.70) ya ɗan wuce 2, albashin ya ninka ke nan.

Babban tarkon yana wajen hasashe. Mai karatun shekara 12 zai sami 11.7 a ma'aunin log, in aka warware ya zama kimanin naira 120,600. Wannan kuɗi na wanda ke tsakiyar layi ne, rabin takwarorinsa na sama da shi, rabi na ƙasa. Matsakaicin tara-da-raba ya fi haka. 'Yan kasuwan nan sun nuna dalili: matsakaicin 4, 5 da 6 shi ne 5, wanda ya koma 100,000, alhali ainihin matsakaicin 370,000 ne. Log ya danne manyan masu samu, kuma exp shi kaɗai ba ya mayar musu da nauyinsu.

Ga mai son bayyana halin mutumin tsakiya, 120,600 ta wadatar. Mai tsara kasafi ko mai ƙiyasin haraji jimilla yake buƙata, dole ya gyara. In ratar ta bazu da siffar ƙararrawa, ana ninkawa da exp(s²/2), inda s ke auna faɗin bazuwar. Da s na 0.8, a ninka da 1.377, hasashen ya tashi zuwa kimanin 166,000. Wanda ya tsallake gyaran ya rage fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin.

A 1983 Naihua Duan, da ke aiki kan kuɗin jinya a cibiyar RAND ta Amurka, ya kawo gyaran da bai dogara da siffar ƙararrawa ba. A warware ratar kowane mutum da exp, a ɗauki matsakaicinsu, a ninka hasashen da shi. Shi ma yana da iyaka. In bazuwar ratar ta bambanta tsakanin rukuni, misali ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa, lamba ɗaya ba za ta yi wa kowa daidai ba, sai a fitar wa kowane rukuni tasa.

Sifili kuma ba shi da logaridim. Mutane kan ƙara 1 a kan kowane adadi don su wuce wurin, sai dai sakamakon yana sauyawa in an auna da naira ko da dubban naira. Inda marasa albashi ke da yawa, gara a raba tambayar biyu: wa ke samun kuɗi, sannan nawa masu samun ke samu.